Saura Kwana 5: Labarin da Ke Sa a Jira Sabon Ɗinki

A watan Agustan 2016 Instagram ya fito da Stories, inda duk abin da aka ɗora yake ɓacewa bayan awa 24. A ƙarshen 2018 aka ƙara masa alamar Countdown, wato agogon da ke ƙirga lokacin da ya rage, wanda mai kallo zai taɓa domin a tuna masa idan ranar ta zo. Gidajen ɗinki sun rungumi wannan agogo, amma shi kaɗai ba ya sa hajiya ta ware kuɗin kaya. Abin da ke riƙe ta shi ne ɗan rubutun da ke ƙarƙashin hoton, idan an jera shi ya zama labari.

A ɗauki misalin gidan ɗinki a Kano da zai fito da kayan Sallah na rinin baba. Ranar farko hoton farin yadi ne a bakin marinar Ƙofar Mata, da rubutu: "Saura kwana 5. Wannan yadi fari ne yau, gobe ba za ku gane shi ba." Washegari an tsamo shi daga rami: "Saura kwana 4. Ya fito kore, iska ta mayar da shi shuɗi." Haka baba yake yi da gaske, kuma irin wannan bayani ne ke sa mai kallo ya dawo. Rana ta uku ta mabuga ce, masu dukan yadi har ya yi sheƙi. Ta huɗu a nuna hannun riga da surfaninsa, ban da sauran jikin.

Wahalar ita ce, wanda ya shigo a rana ta uku bai ga na farko ba, domin ya riga ya goge. Saboda haka dole kowane rubutu ya tsaya da ƙafarsa, da sunan kayan da ranar fitowa, ko da kuwa yana ci gaba da na jiya. Masu dabara kan tara su a Highlights don wanda ya makara. Jimla biyu ta isa, tunda da yatsa ake wucewa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ranar ƙarshe. Wasu sai su ci gaba da zuba kalamai masu daɗi, alhali mai saye farashi take nema. A nan ya kamata labari ya ja gefe: ƙarfe nawa za a buɗe, nawa ne kuɗin, guda nawa aka ɗinka, ta ina ake oda, kuma ko kayan za su isa Kaduna ko Maraɗi kafin idi.

Ana gane labarin da ya mutu tun kafin ranar. Shafin kasuwanci yana nuna adadin masu kallo da waɗanda suka fice a kowane hoto. Idan adadin ya zube a rana ta uku, kuma babu mai tambayar "nawa ne?", galibi an daɗe ana ɓoye rigar ne, sai a nuna ta gaba ɗaya washegari.