Takardar Kuɗin Asibiti

Jama'a, in an sallami majinyaci akan ba mu takardar kuɗi. Kada mu dubi jimla kaɗai. Mu bi ta layi layi, kamar yadda muke ƙirga awo a kasuwa.

Ga misali. Wani mutumin Ajingi, ma'aikacin gwamnatin tarayya, ya kwantar da ɗansa kwana uku a asibiti. Yana da katin inshorar lafiya, da sunan yaron a ciki. Ga abin da aka rubuta masa:

Gado, kwana 3: naira 6,000
Gwajin jini: naira 2,500
Allura, 4 ga wata: naira 3,000
Allura, 4 ga wata: naira 3,000
Ƙwayoyi: naira 5,000
Jimla: naira 19,500

To, mu dubi layi na uku da na huɗu. Suna ɗaya, rana ɗaya, kuɗi ɗaya. Amma kada mu yi saurin cewa an cuce shi, gama akwai allurar da akan yi safe da yamma. Mai raba gardama shi ne katin jinya, inda ma'aikaciyar jinya take rubuta kowace allura da lokacinta. Ya roƙa aka duba, sai aka ga sau ɗaya aka yi ta. Aka soke naira 3,000.

Saura maganar inshora. A tsarin hukumar inshorar lafiya ta tarayya, wadda aka sabunta dokarta ta 1999 a 2022, ma'aikaci yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Gadon babban ɗaki na 'yan kwanaki da gwajin jini irin wannan suna wuyan inshora. Ashe ba a shigar da lambar katinsa ba, aka lissafa masa kamar marar kati. Allura da ƙwayoyi sun kama naira 8,000. Ushirinsu naira 800 ne. Shi ne abin da ya biya.

Amma fa kati yana da iyaka. Sai sunan yaro yana cikin rajista, kuma bai kai shekara 18 ba. Sai asibitin ya zama wanda aka zaɓa, ko wanda aka tura mutum da takarda. Maganin da ba ya cikin jerin inshora kuwa, mai jinya ke biya. Masu katin hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano su tambayi nasu sharuɗɗan a teburin inshora.

In za mu nemi gyara, mu je wurin akawu da takarda da kati. Mu ce, "Malam, don Allah a duba mini layi na huɗu." In an gyara, mu karɓi sabuwar takarda mai hatimi, mu adana ta tare da rasit.

Tambayoyi
1. Me ya nuna cewa sau ɗaya aka yi allurar?
2. Nawa ne ushirin naira 8,000?
3. Wane magani ne mai jinya ke biya da kansa?