Me ke cinye faifan rumbun bayanai?

Sau da yawa idan aka ji manhaja ta tsaya cak, faifan rumbun bayananta ne ya cika. A PostgreSQL, wuri biyu ake fara dubawa.

Na farko shi ne kumburin teburi. Idan aka gyara layi ko aka goge shi, tsohon yana nan kwance a matsayin mataccen layi har sai `autovacuum` ya share shi. Ma'amala ɗaya da aka bari a buɗe tun safe takan hana wannan shara. Alamar tana cikin `pg_stat_user_tables`, inda `n_dead_tup` ke ta hawa. `VACUUM` yakan mai da gurbin matattun layukan abin sake amfani ne kawai. `VACUUM FULL` ne ke rage girman fayil, amma yana kulle teburin, kuma yana bukatar sarari don sabon kwafi.

Na biyu kundin canje-canje ne, wato `pg_wal`, mai fayiloli masu megabait 16 kowanne. Idan sabar da ke kwafar bayanai ta mutu aka manta da gurbinta a `pg_replication_slots`, fayilolin sai su yi ta taruwa. Gurbin ake cirewa. Kada ka goge fayilolin da hannu, rumbun zai iya lalacewa.