Ina Makin Yake? Yadda Ɗalibi Zai Gane Darasin Da Ya Fi Nauyi A Wajen Malaminsa

A makon farko na zangon karatu, malamin jami'a kan miƙa wa ɗalibai takarda guda, ko ya rubuta a allo, jerin darussan da kwas ɗinsa ya ƙunsa. Zai faɗa musu cewa tes da asamen suna da maki 30, jarrabawa tana da 70, a wasu makarantun kuma 40 da 60. Abin da ba kasafai yake faɗa ba shi ne yadda waɗannan maki 70 za su rabu tsakanin darussan. Hatta kundin manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, wato CCMAS, abin da yake jerawa shi ne ƙunshiyar kowane kwas da abin da ake son ɗalibi ya iya. Rabon maki tsakanin darussa yana hannun mai koyarwa. Shi ya sa idan jarrabawa ta ƙarato za ka ji aji ya ɗauka: "Malam, a ba mu eriya." Wani malamin ya bayar, wani ya ce duk abin da ya koyar eriya ne.

Ɗalibin da ya halarci aji da idonsa a buɗe bai cika buƙatar wannan roƙo ba, domin malamin ya riga ya ba da amsar tun tuni, ta hanyar yadda ya kashe lokacinsa. Lokaci shi ne abin da ya fi ƙaranci a hannun malami. Kwas mai yunit biyu yana da awa biyu a mako, kuma ko da kalanda ta nuna mako goma sha biyar, idan aka cire jinkirin rajista da ranakun hutu da ranar tes, sau da yawa abin da ya rage bai wuce sha biyu ba. Wanda yake da awa ashirin da huɗu kacal ba zai zuba takwas a kan abin da bai dame shi ba.

Mu ɗauki misalin wata ɗaliba da take yin kwas a kan tarihin Daular Sakkwato. Ta saba rubuta kwanan wata a saman shafi duk ranar lakca, kuma wannan ɗabi'a ita ce jarinta. Da ta zauna ta bi littafinta daga farko, sai ta ga malam ya yi awa 4 a kan ƙasar Hausa kafin jihadi, awa 8 a kan dalilan jihadin 1804 da yadda ya gudana tun daga hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu har faɗuwar Alkalawa a 1808, awa 6 a kan tsarin mulkin daular da rabuwar ragama tsakanin Sakkwato da Gwandu, awa 4 a kan noma da fatauci, sannan awa 2 a kan zuwan Turawa da faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903.

Lissafin farko mai sauƙi ne. Ta raba awannin kowane darasi da 24, ta ninka da 70. Jihadi ya tashi da kusan maki 23, tsarin mulki kusan 17, ƙasar Hausa kafin jihadi 12, noma da fatauci 12, zuwan Turawa 6. Yawancin ɗaliban da suka kai nan sai su tsaya, su ce zuwan Turawa ba shi da wani nauyi, a tsallake shi. A nan ne ake yin asara, domin awannin aji ba duka suke da daraja ɗaya ba.

Awannin farkon zango sun fi kowanne kumbura. Rabin aji ba su gama rajista ba, malam yana tafiya a hankali, yana maimaita na makon jiya saboda waɗanda suka shigo yau. Idan ɗalibar ta ƙirga shafukan da ta rubuta a waɗannan awa huɗun, za ta iya tarar da abin da bai wuce na awa biyu ba. Ƙarshen zango kuwa akasin haka ne. Jadawalin jarrabawa ya fito, malam yana gudu, abin da ya so ya yi a mako uku ya dunƙule shi a zama ɗaya. Saboda haka awa biyun da aka ba 1903 ba shaida ba ce cewa malam ya raina darasin, shaida ce cewa lokaci ya ƙure masa. Hanyar ganewa ita ce a duba abin da ya yi a cikin gudun. Idan ya ce "wannan ku duba da kanku" ya wuce bai bar komai ba, darasin ya yi sauƙi a ma'auninsa. Idan kuwa ya raba handawut, ya zana taswirar hanyar da sojojin Turawa suka bi, ya tsaya ya yi bayanin yaƙin Burmi duk da agogo na cinsa, to yana nufin tambaya a kai.

Akwai kuma lokacin da ya tafi a hira. A cikin awa huɗun noma da fatauci, wataƙila guda ta ƙare a labarin tafiyar da malam ya taɓa yi, ko musun da wani ɗalibi ya tayar. Aji ya ji daɗi, amma alƙalami bai motsa ba. Irin wannan awa a cire ta daga lissafi.

Daga nan sai a koma ga nanatawar malam, kuma a nan nake ganin ɗalibai suna yawan ruɗuwa. Suna riƙe kalmar baki fiye da aiki. Wani malamin a kowace lakca sai ya ce "ku lura da wannan, zai fito." Wanda ya faɗi haka a kan komai bai faɗa maka komai ba. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ta ci wa malam wahala. Ya ba da asamen a kan darasin, alhali ya san shi zai zauna ya duba takardun mutum ɗari biyu. Ya rage sauri ya yi shifta kalma bayan kalma, ya jira kowa ya rubuta. Ya tashi ya zana tebur a allo yana kwatanta aikin waziri da na alƙali da na sarakunan da aka ba tuta. Ya jefa tambaya, aka ba shi amsa rabi, ya ƙi wucewa sai da aka cika ta.

Wadda ta fi duka a wurina ita ce komawa baya. Idan malam yana tsakiyar wani darasi ya ce "kun tuna abin da muka faɗa a kan harajin da sarakunan Haɓe suke ɗora wa talakawa?", yana nuna maka zaren da ya ɗinke kwas ɗin a kansa. Ɗalibarmu ta lura cewa ko a lakcar tsarin mulki, malam ya riƙa komawa ga koke-koken da suka haifar da jihadi, yana tambaya ko sabuwar daular ta magance su. Wannan ya nuna mata abu biyu. Darasin farko, duk da kumburin awanninsa, bai mutu ba, domin shi ke ciyar da na biyu. Kuma tambayar jarrabawa tana iya haɗa darussa biyu a wuri guda. Noma da fatauci kuwa, tun da aka wuce shi malam bai sake ambatarsa ba.

Bayan wannan gyara, ba sai ta sake fitar da sababbin alƙaluman maki ba, don ƙiyasi ne ba awo ba. Abin da take buƙata shi ne sahu uku. Jihadi da tsarin mulki suna sahun gaba. Ƙasar Hausa kafin jihadi da zuwan Turawa suna tsakiya. Noma da fatauci yana baya. Idan awa 30 take da su don bitar wannan kwas, za ta iya ba jihadi 9, tsarin mulki 8, na tsakiyan biyu 5 kowanne, na ƙarshe 3. A lura ba ta ba kowane darasi sifili ba. Awa ukun nan sun isa ta riƙe manyan maki, ta iya rubuta shafi guda idan ta kama dole. Idan kuma akwai darasin sahun gaba da ta riga ta iya sosai, sai ta rage masa awa ta ƙara wa wanda yake ba ta wuya.

Siffar takardar jarrabawar ma tana da tasiri. Inda ake ba da tambaya biyar a amsa uku, kowace tambaya tana da maki kusan ɗaya da 'yar'uwarta, don haka nauyin darasi yana bayyana ne ta wata hanya: babban darasi ya sami tambaya biyu, ko ya zama tambaya ta ɗaya wadda ake wajabta wa kowa. Ɗalibin da ya karanta darussa uku kacal yana cewa ai uku za a amsa, ya ɗauka kowace tambaya darasi guda ce. Ranar da malam ya haɗa biyu a tambaya ɗaya, lissafinsa ya rushe. A irin wannan takarda, darussa huɗu da aka iya sosai su ne mafi ƙarancin abin da za a shiga da shi.

Wannan hanya tana da inda ba ta aiki. A manyan kwasa-kwasan gama-gari da ake yi wa dubban ɗalibai a kwamfuta, tambayoyin zaɓi ne masu yawa, kuma galibi ana ɗebo su daga kowane babi na littafin kwas ɗin. Malamin da ya koyar da rukuninku ƙila ba shi kaɗai ya tsara su ba, don haka yawan shafukan babi ya fi awannin aji faɗin gaskiya. Haka nan idan malamai biyu suka raba kwas, a yi wa kowannensu lissafinsa daban, domin yawanci kowa shi ke kawo tambayoyin ɓangarensa. Malamin da ya zo lakca sau uku kacal yana iya riƙe da rabin takardar.

Tsofaffin takardun jarrabawa su ne abin gwada ƙiyasin, da sharaɗin malamin bai canza ba. A samo na shekara uku, a rubuta sunan darasi a gefen kowace tambaya, a ga ko sahun da aka fitar ya yi daidai da abin da ya saba tambaya. A nan ne kuma za a gane ɗabi'arsa game da tes: wani yana maido da tambayar tes a jarrabawa da ɗan sauyi, wani kuma abin da ya tambaya a tes ya gama da shi ke nan. Ba a gane wannan da hasashe, sai an ga takardun ko an tambayi waɗanda suke aji na gaba.

Duk wannan yana tsaye ne a kan littafin da aka rubuta da hannu a cikin aji. Wanda ya kwafi na abokinsa ya sami kalmomin, amma bai san inda malam ya rage sauri ba, bai san inda ya koma baya ba. Don haka ɗalibi, daga lakcar farko ta zango mai zuwa, ka rubuta kwanan wata a saman kowane shafi, ka ja layi siriri a gefe, ka sa alama duk inda malam ya yi shifta, ko ya ba da aiki, ko ya koma wa tsohon darasi. A mako na takwas ka zauna ka yi lissafinka na farko, tun akwai sauran lokacin gyara.