Giɓin Wilkins: wa ke ɗaukar asara idan abokin tarayya ya karye?

Mutum uku, Garner da Murray da Wilkins, sun yi kasuwancin haɗin gwiwa a Ingila bisa sharaɗin raba riba da asara daidai wa daida, duk da cewa jarinsu ba ɗaya ba ne. Da kasuwa ta juya musu baya aka zo rabuwa, sai littafi ya nuna Garner na da fam 2,500, Murray na da fam 314, shi kuwa Wilkins ya cinye jarinsa har kasuwancin na bin sa fam 263. Kuɗin da ya rage a hannu bayan an sallami masu bin bashi na waje fam 1,916 ne kacal. Wilkins kuma ya karye, ko sisi ba zai iya kawowa ba.

Kafin a kai ga rigimar, akwai aikin da akanta ke fara yi, wato buɗe asusun sayar da kadarori. A ɓangaren hagu yana zuba duk abin da kasuwancin ya mallaka, gini da mota da haja da basussukan da ake bin mutane, kowanne da ƙimar da yake da ita a littafi, sai ya ƙara da kuɗin da aka kashe wajen rushewar, kamar la'adar mai gwanjo da ladan lauya. A ɓangaren dama yana rubuta abin da aka samu da gaske. Idan wani abokin tarayya ya ɗauki motar kasuwancin, farashin da aka daidaita a kai ma nan yake shiga, a cire shi daga jarinsa. Tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ita ce riba ko asarar rushewa, kuma ana raba ta ne da ma'aunin da aka saba raba riba.

Kuɗin mutanen uku ya gaza da fam 635, kusan 212 ke nan a kan kowa. Jarin Garner ya sauko zuwa 2,288, na Murray zuwa 102, bashin Wilkins kuwa ya haura zuwa kimanin 475. To, wa zai ɗauki wannan 475?

Da an bi ma'aunin riba an raba biyu, da kowa ya ɗauki kusan 237. Murray da ke da ragowar 102 sai ya koma gida ya nemo fam 135 ya ciko. Alƙali Joyce, a hukuncin da aka buga a 1904, bai bi wannan hanya ba. Ya dubi sashe na 44 na dokar haɗin gwiwa ta 1890, ya ce kowane abokin tarayya nasa kason asarar kaɗai aka wajabta masa ya cike, ba har da na wanda ya gaza ba. Abin da aka tara kuma a raba shi gwargwadon jarin kowa. Ma'ana, giɓin wanda ya karye yana faɗawa kan sauran ne bisa girman jarinsu.

A ma'aunin 2,500 da 314, Garner ya ɗauki kimanin fam 422, Murray 53. Garner ya tashi da kusan 1,867, Murray da 49. A haɗa biyun, 1,916 za a samu, daidai da kuɗin da ke hannu. Wannan ita ce shaidar da akanta ke dubawa: idan ragowar jari bai yi daidai da kuɗin da ke banki ba, akwai kuskure a baya.

Kuskuren da ya fi yawa, har a wurin ɗaliban akanta na Nijeriya da suka haddace sunan shari'ar, shi ne ɗaukar jarin da ya rage bayan an cire asarar rushewa. Jarin da ake aunawa da shi shi ne na ƙarshe da aka amince da shi kafin rushewa, wato 2,500 da 314, ba 2,288 da 102 ba.

Hukuncin yana da ɓangare mai ciwo. Wanda ya bar dukiyarsa a cikin kasuwancin shi ke shan mafi nauyi, abokin da ya riga ya kwashe jarinsa kuwa, ko da attajiri ne a gida, ba ya ɗaukar komai daga giɓin. Ba kowace ƙasa ce ta yarda da haka ba. A Amurka ma'aunin raba asarar kasuwancin ake bi. A Ingilar ma, hukuncin yana aiki ne kawai idan abokan tarayya ba su yi wata yarjejeniya ba. Layi guda a takardar haɗin gwiwa, mai cewa giɓin wanda ya karye za a raba shi kamar yadda ake raba riba, ya isa ya sauya lissafin baki ɗaya.