Tabon tayil da wasiƙar sallamar gidan haya

A manyan garuruwa irin su Kano, Kaduna da Abuja, masu gidaje da yawa kan karɓi wani kuɗi na ajiya a hannun ɗan haya tun ranar da zai tare, domin a cire kuɗin gyara idan ya yi ɓarna. Ranar tashi kuwa, da wuya a rabu ba a yi musu a kan tayil ba. Mai gida ya ce an lalata masa daɓe, ɗan haya ya ce haka ya tarar. Wasiƙa 'yar gajeriya, wadda aka rubuta kafin a miƙa makulli, tana iya kashe wannan gardama, muddin ta bambance abu uku: dattin da ke fita da wanki, tsufan da zama ke jawowa, da ɓarnar da mutum ya yi da hannunsa. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ma ta ɗora wa ɗan haya kula da gida, amma ta ɗauke masa alhakin lalacewar da amfani na yau da kullum ke kawowa.

Kafin a ɗauki alƙalami, sai an san asalin kowane tabo, domin asalin ne ke nuna wanda zai biya. Farin ɓawon da ke daskarewa a bango da ƙasan banɗaki, daga ruwan rijiya ko na burtsatse yake, idan ruwan na da sinadarin alli da yawa. Ruwan khal ko na lemon tsami na narkar da shi idan aka bar shi kamar minti goma kafin a goge. Jan tabon da ke bin ƙasan famfo tsatsa ce, ko daga bututun da ya tsufa, ko daga ƙarfen da ke cikin ruwan. Bilic ba ya fitar da ita, sai ma ya ƙara kafa ta. Manja da maiƙon kicin kuwa ruwan zafi da omo suke so. Fuskar tayil mai sheƙi ba ta shan mai, amma farin simintin da ke tsakanin tayil da tayil yana tsotse shi, shi ya sa layukan ke baƙi ko da an wanke.

Inda 'yan haya suka fi jawo wa kansu asara shi ne wajen gaggawar wankin ƙarshe. Wasu kan kwarara ruwan batir ko asid mai ƙarfi domin a gama da wuri. Asid na cinye simintin layuka, yana kuma kashe sheƙin marmara da tarazo. Alamarsa ita ce wurin ya dushe, ya yi kaushi idan an shafa, kuma wanki ba ya maido shi. Tabon da asalinsa laifin ruwa ne ya koma ɓarnar ɗan haya ke nan. Haɗa bilic da asid kuma yana fitar da iska mai guba, abin da ke da haɗari ƙwarai a rufaffen banɗaki.

A ɗauka mutum zai bar fulat mai ɗaki biyu bayan shekara uku. Bayan sallama da kwanan wata, ga yadda cikin wasiƙarsa zai kasance:

"Ranka ya daɗe, Alhaji, na wanke tayil ɗin gidan duka da omo da ruwan zafi, banɗaki kuma da ruwan khal, ban sa asid ba. Saura wuri uku. Akwai tsatsa a kan tayil huɗu ƙarƙashin famfon banɗaki, daga yoyon da na sanar da kai bara. Layukan simintin gaban murhu sun yi duhu, na goge su da buroshi sau biyu, sun rage amma ba su fita duka ba. Tayil ɗaya a falo ya tsage lokacin da muke fitar da firji. Wannan nawa ne, a cire kuɗinsa da na aiki. Ga hotunan ranar shiga da na yau. Ina roƙon ka zo, ko ka turo wakili, mu duba tare kafin in miƙa makulli."

Ƙarfin wasiƙar nan yana wajen ƙidaya da amsa laifi. Wanda ya ce tayil huɗu ya rufe ƙofar a ce masa banɗakin ne gaba ɗaya. Wanda ya amsa tsagewar guda ɗaya da bakinsa kuma, an fi yarda da shi a kan sauran. Sai dai takarda ba ta maye gurbin shaida. Idan babu hoton ranar shiga, babu kuma saƙon da aka tura lokacin da famfon ya fara yoyo, magana ta koma tawa da taka. Don haka a yi kwafi biyu, mai gida ko dillalinsa ya sa hannu a ɗaya bayan an zagaya gidan tare, a rubuta adadin kuɗin da za a cire da ranar da za a maido ragowar.