Rabawa Iri Biyu a Kwamfuta

Wani ɗalibi ya rubuta manhaja da yaren C don ta fitar da matsakaicin makin jarrabawa uku: 70 da 65 da 80. Jimillarsu 215 ce, kuma idan an raba da 3 ana sa ran 71.67. Sai kwamfuta ta nuna 71.

Kwamfutar ba ta lalace ba. Tana da rabawa iri biyu. Idan lambobin biyu cikakku ne, marasa ɗigo, sai ta yi irin rabon da muka koya a firamare: 3 ta shiga 215 sau 71, saura 2, ta yar da sauran. A lura, yankewa take yi, ba ta matsawa zuwa lamba mafi kusa, da 72 za a gani.

```c
double avg = 215 / 3;
```

Abin da ya fi ruɗa masu koyo shi ne `double` ma'ajin lamba mai ɗigo ne, amma a nan 71.0 zai karɓa, domin an gama rabawar kafin a ajiye amsar. Maganin shi ne ɗaya daga cikin lambobin ta zama mai ɗigo tun farko:

```c
double avg = 215 / 3.0;
```

Wannan kuskure yana ba ni tsoro saboda shiru yake zuwa, babu gargaɗi. Wanda ya gwada da 60, 70, 80 zai sami 70 daidai, ya ɗauka komai lafiya. Shi ya sa nake gwaji da lambobin da ke barin saura.

A Python 3, alamar `/` tana bayar da amsa mai ɗigo, `//` kuma ita ce ta rabawa marar ɗigo.