Neman hutu a cikin watan notis: abin da mai ajiye aiki ya kamata ya sani

Ma'aikaci ya samu sabon aiki, ko ya yanke shawarar komawa kasuwanci, ya rubuta takardar ajiye aiki, ya ba da notis na wata guda. Sai ya tuna yana da ragowar kwanakin hutun shekara da bai ci ba. Abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne ya cire waɗannan kwanaki daga cikin watan, ya tafi da wuri. Lissafin yana da ma'ana, amma da yawa sun yi asarar kuɗin sallama da shaidar kirki saboda sun aiwatar da shi ba tare da amincewar mai aiki ba. Kwanakin hutun haƙƙinka ne, ko ka ci su ko a biya ka kuɗinsu idan aiki ya ƙare. Lokacin da za ka ci su kuwa sai da yardar wanda kake wa aiki, kuma ba da notis bai sauya wannan ba.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta raba abubuwan biyu. Sashe na 11 shi ne ya yi magana a kan notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku a aiki ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sai wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Notis na mako ɗaya ko fiye dole ya zama a rubuce, kuma ranar da aka miƙa shi ba ta shiga lissafi. Sashe na 18 kuma ya ba ma'aikaci aƙalla kwana shida na aiki a matsayin hutu da cikakken albashi bayan ya yi wata goma sha biyu a jere. Ya haramta wa mai aiki ya biya kuɗi a madadin hutu matuƙar aikin bai ƙare ba. Idan ya ƙare, wanda ya yi aƙalla wata shida tun lokacin da ya cancanci hutunsa na baya ya cancanci a biya shi gwargwadon watannin: wata tara, misali, kashi uku cikin huɗu na albashin mako guda. Babu inda dokar ta ce ma'aikaci na iya haɗa hutu da notis bisa ganin damarsa, babu kuma inda ta hana ɓangarorin biyu su yarda da hakan.

Waɗannan adadi su ne mafi ƙaranci, kuma dokar ba ta ɗauki kowa ba. Sashe na 91 ya fitar da masu aikin gudanarwa, shugabanni da ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci". Akanta, injiniya, likita ko manaja, abin da ke tsakaninsa da kamfani shi ne takardar ɗaukarsa aiki da kundin ƙa'idojin ma'aikata, ma'aikacin gwamnati kuma ƙa'idojin aikin gwamnati. Saboda haka kafin ka rubuta ko da layi ɗaya, ka lalubo waɗannan takardu. Wasu kamfanoni sun rubuta ƙarara cewa ba a tafiya hutu a cikin notis. Wasu kuma akasin haka, suna so ka cinye kwanakinka don kada su biya kuɗi.

A ɗauka wata ma'aikaciya ce a sashen lissafin wata masana'anta da ke Sharaɗa a Kano. Takardar aikinta ta ce notis wata guda, hutu kwana 18 na aiki a shekara, ana ƙirga shi daga Janairu zuwa Disamba. Ta miƙa takardar ajiye aiki ranar Talata 30 ga Satumba, 2025, ta rubuta cewa aikinta zai ƙare ranar Juma'a 31 ga Oktoba. Ta riga ta ci kwana bakwai tun lokacin sallah. A nata lissafin saura kwana 11. Amma galibin wuraren aiki suna ƙirga hutu ne wata-wata, kwana 18 a shekara yana nufin kwana ɗaya da rabi a kowane wata. Zuwa ƙarshen Oktoba ta yi wata goma, ta tara kwana 15. A cire bakwai, saura takwas. Sauran ukun na Nuwamba da Disamba ne, watannin da ba za ta yi aiki ba. Da ta riga ta cinye duka 18 ɗin a farkon shekara, kamfanin ne zai biyo ta bashin kwana uku, kuma idan ƙa'idarsu ta tanadi haka za su cire daga kuɗin sallamarta.

Idan aka amince ta ci kwana takwas ɗin a ƙarshe, sai a ƙirgo daga baya, ban da Asabar da Lahadi: daga Litinin 27 zuwa Juma'a 31 kwana biyar, daga Laraba 22 zuwa Juma'a 24 kwana uku. Ranar da za ta yi sallama da ofis ita ce Talata 21 ga Oktoba, amma ranar ƙarewar aikinta tana nan 31 ga wata. Wannan bambanci yana da nauyi. Har zuwa 31 ga wata ita ma'aikaciyar kamfanin ce: albashin Oktoba cikakke za ta karɓa, a zuba mata kuɗin fansho na watan, inshorar lafiyarta ta ci gaba, kuma duk sharuɗɗan riƙon amana suna kanta.

Idan kuma aka ƙi, ta yi aiki har ƙarshe, sai maganar kuɗi. A ce albashinta naira 132,000 a wata, kamfanin kuma yana raba wata gida 22, kwana ɗaya ya kama naira 6,000, kwana takwas naira 48,000. Sai dai a cikin albashin nan, a ce naira 88,000 ne ainihin albashi, sauran alawus ɗin gida da na mota ne. Sashe na 19 na dokar ya ce ba a sa kuɗin ƙarin lokaci da alawus a lissafin kuɗin hutu, kamfanoni da yawa kuma da ainihin albashi kaɗai suke ƙirga nasu. Da haka kwana ɗaya ya dawo naira 4,000, takwas ɗin naira 32,000. Ya kamata ta san wane lissafi ake yi a wurin kafin ta zaɓi kuɗi a kan kwanaki. A ganina, ga wanda zai yi ƙaura zuwa wani gari ko zai nema wa yara makaranta, kwanakin sun fi kuɗin amfani, musamman da yake kuɗin sallama yakan jira sai an kammala kiliyarans.

Me zai sa mai aiki ya ƙi? Notis an yi shi ne don ya samu lokacin nemo wanda zai maye gurbi da kuma karɓar aiki. Idan aka ɗebe kwana takwas daga kwana ashirin da 'yan kai, an cinye masa fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ga ma'aikaciyar lissafi, makon ƙarshen wata ma shi ne lokacin rufe littattafai da shirya albashi, don haka ƙin amincewa ba lallai ya zama mugunta ba. Mai neman hutun shi ya kamata ya fara amsa wannan damuwa tun ba a tambaye shi ba. Ya nemi hutun a ƙarshen notis, domin hutu a tsakiya yana katse miƙa aiki, ya kuma zo da jadawalin abin da zai miƙa, ga wa, da kuma yaushe.

Ya fi kyau a raba takardun biyu. Takardar ajiye aiki ta tsaya ita kaɗai da ranarta, ba tare da sharaɗi ba, saboda ƙin amincewa da hutu kada ya jefa ranar tafiyarka cikin shakku. Ta neman hutu ta biyo a ranar ko washegari, zuwa ga shugaban sashe, da kwafi ga ofishin kula da ma'aikata. Abin da za ta ƙunsa bai wuce haka ba: "Ranka ya daɗe, bisa notis ɗin da na bayar ranar 30 ga Satumba, lissafina ya nuna ina da ragowar hutu na kwana takwas zuwa 31 ga Oktoba. Ina neman izinin cin su daga 22 zuwa 31 ga wata. Zan kammala miƙa aiki ga wanda aka zaɓa kafin 21 ga wata. Idan hakan ba zai yiwu ba, ina roƙon a tabbatar mini a rubuce cewa za a biya kuɗin kwanakin tare da haƙƙoƙina na ƙarshe." Jimlar ƙarshen nan ita ke sa amsar ta zama mai amfani ko da "a'a" ce. Ana kuma iya raba tsakani, a ci kwana huɗu a biya huɗu.

Inda aka fi samun matsala shi ne amincewar baki. Manaja ya ce "ba komai, je ki," sai ofishin albashi ya ga kwana takwas babu sa hannu a rajista, ya rubuta su a matsayin fashin aiki. Daga nan a zaftare albashi, ko a ce notis bai cika ba a nemi kuɗin cikonsa, wani lokaci har a mayar da ajiye aiki ya zama guduwa daga aiki a cikin fayil, abin da zai fito ranar da sabon wurin aiki ya nemi shaida. Alamar cewa an amince da gaske ita ce takarda ko saƙon imel da ya ambaci ranaku biyu, ranar ƙarshe a ofis da ranar ƙarewar aiki. Shiru ba amincewa ba ne. Idan mako ya wuce babu amsa, ka tuna musu a rubuce, ka kuma ci gaba da zuwa aiki.

Matsala ta biyu ita ce fara sabon aiki a cikin kwanakin hutun. Da yawan takardun aiki sun hana yi wa wani aiki matuƙar kana ma'aikacinsu, balle idan sabon wurin abokin gasa ne. Wanda yake so ya fara da wuri, abin da zai nema daban ne: a rage masa notis, a matso da ranar ƙarewar aikin kanta. Sashe na 11 ya ba kowane ɓangare damar yafe notis ko karɓar kuɗi a madadinsa. A nan albashi zai tsaya a sabuwar ranar, hutun da aka tara ma zai ɗan ragu, amma mutum ya fita da tsabta. Neman takardar likita ta bogi don cike gurbin kuwa hanya ce ta mayar da sallama ta zama kora. Wanda rashin lafiya ta gaskiya ta kama a cikin notis yana da haƙƙinsa, har kwana goma sha biyu na aiki a shekara bisa sashe na 16, idan likita mai rajista ya tabbatar.

Idan an hana hutun, an kuma ƙi biyan kuɗinsa, mataki na farko shi ne takardar neman haƙƙi mai ɗauke da lissafin kwanaki da naira, haɗe da kwafin takardar aiki, takardun albashi da fom ɗin hutun baya. Mai ƙungiya ya kai wa ƙungiyarsa. Bayan haka akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiha, inda ake ƙoƙarin sasantawa, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ke da hurumin shari'ar aiki. Duk waɗannan wurare takardu za su nema, don haka ka kwafi naka tun kafin ranar da za a rufe maka imel ɗin ofis a karɓi katin shaida.